Cron yana ba ni "Permission denied" alhali na yi wa foldar chmod 777

Tambaya: Salam Malam. Ina da ƙaramar saba ta Ubuntu 22.04, akwai skirif da ke kwafe bayanan shagonmu zuwa /home/shago/ajiya kullum ƙarfe biyun dare. In na shiga da asusun shago na kunna shi da hannu lafiya lau, amma cron sai ya rubuto Permission denied. Har chmod 777 na yi wa foldar, ba canji. Ga layin da ke cikin /etc/cron.d:

```
0 2 * * * www-data /usr/local/bin/ajiya.sh >> /tmp/ajiya.log 2>&1
```

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kyauta da ka turo layin, don matsalar tana cikinsa. Ƙirga daga hagu, guraben farko guda biyar na lokaci ne, na shida kuma a fayilolin /etc/cron.d sunan asusun da zai yi aikin ne, kuma naka www-data aka rubuta. Wato da rana shago ne ke kunna skirif ɗin, da dare kuma wani ne daban, asusun da Apache ko Nginx ke aiki da shi. Linux ba ruwansa da wanda ya rubuta skirif ko wanda ya saka shi a jadawali, wanda ke riƙe da aikin a lokacin shi yake dubawa. To gwajin da kake yi da hannu bai gwada komai ba tukuna. Kada ka zauna jiran ƙarfe biyun dare, ara rigar www-data ɗin yanzu ka gani:

```
sudo -u www-data touch /home/shago/ajiya/gwaji
```

Zai dawo maka da saƙon nan dai, kuma daga yanzu da wannan layin za ka riƙa auna duk gyaran da ka yi wa izinin www-data.

Yanzu maganar 777, wadda na san ita ce ta fi ɗaure maka kai. Ka ɗauki gidan haya, ɗakin ajiya yana can ciki ka cire masa ƙyaure gaba ɗaya, amma zaure a kulle yake kuma baƙon ba shi da makulli, to ta ina zai kai ɗakin? Haka hanyar fayil take. Kafin www-data ya taɓa ajiya sai ya ratsa / sannan home sannan shago, kuma a kowace sai yana da izinin x. A kan fayil x na nufin a kunna shi, amma a kan folda ma'anarsa a wuce ta ciki, r shi ne ganin sunayen abin da ke ciki, w kuma ƙirƙira ko gogewa, shi ma ba ya aiki sai da x. Folda ɗaya tak ta hana x a hanya, duk izinin da ka zuba a can ƙasa ya tashi a banza. Ga umarnin da ke nuna maka ƙofofin ɗaya bayan ɗaya:

```
namei -l /home/shago/ajiya
```

Abin da nake sa ran za ka gani:

```
drwxr-xr-x root  root  /
drwxr-xr-x root  root  home
drwxr-x--- shago shago shago
drwxrwxrwx shago shago ajiya
```

Dubi layi na uku da kyau. Bayan d ɗin farko haruffan uku-uku suke, na mai folda, na rukuninsa, sai na sauran jama'a. www-data ba shago ba ne, ba ya cikin rukunin shago, don haka ukun ƙarshe ne rabonsa, su kuma --- ne, babu komai. Kuma ba kai ka ɓata ba, tun daga Ubuntu 21.04 sabon asusu yana zuwa da gidansa a 750 maimakon 755 na da, shi ya sa za ka ga skirif ya yi shekaru yana aiki a tsohuwar saba, ana ƙaura zuwa sabuwa ya tsaya cak mutum ya rasa dalili.

Gyaran da ni zan yi a wurinka shi ne in cire www-data daga layin in sa shago, tunda ka riga ka tabbatar shago yana iya karanta bayanan yana iya rubuta su. Ba don sauƙi kawai ba. www-data shi ne asusun da ke fuskantar intanet, duk ranar da wani ya samu ɓaraka a shafinku da sunansa zai shigo, in kuwa yana da ikon rubutu a foldar ajiya to yana da ikon share ta, ranar da kuka fi buƙatarta ke nan. Wallahi wannan ya fi damuna a kan kuskuren da kake gani.

Amma ka kula, kana canza sunan akwai wani tarko da ke jiranka a ƙarshen layin. Fayil ɗin /tmp/ajiya.log www-data ne ya ƙirƙire shi, nasa ne, shago ba zai iya ƙara rubutu a ciki ba. Shi kuma >> ana buɗe fayil ɗinsa ne tun kafin a tada skirif, in buɗewar ta ƙi skirif ɗin ma ba zai fara ba, kuma ba za ka ga komai a log ɗin ba tunda shi ne ya ƙi buɗuwa. Cron zai so ya aiko da kuskuren ta imel, in babu manhajar aika imel a sabar sai dai ka tarar da "No MTA installed, discarding output" a /var/log/syslog. Don haka mayar da log ɗin gidan shago:

```
0 2 * * * shago /usr/local/bin/ajiya.sh >> /home/shago/ajiya.log 2>&1
```

In kuma akwai dalilin da ya sa dole www-data ne zai yi aikin, kar ka buɗe zauren ga kowa da chmod 755 /home/shago, ba shi izinin wucewa shi kaɗai, sannan izinin rubutu a ɗakin:

```
sudo apt install acl
sudo setfacl -m u:www-data:x /home/shago
sudo setfacl -m u:www-data:rwx /home/shago/ajiya
```

Da x kaɗai zai ratsa gidan amma ba zai iya jero abin da ke ciki ba, sai dai fa duk fayil ɗin da ya san sunansa kuma aka bar shi a buɗe ga kowa zai iya karantawa, to ka san da wannan. Za ka ga alamar + ta fito a ƙarshen izinin in ka yi ls -ld, getfacl kuma zai nuna maka dalla-dalla.

Wasu za su ce maka kawai sa root a gurbi na shida a huta. Zai yi aiki kam in ka fitar da log ɗin daga /tmp, amma duk fayil ɗin da ya rubuta na root ne, gobe shago ya zo gyara ɗaya ya ci karo da Permission denied nasa, kuma kuskure ɗaya a layin rm na cikin skirif ɗin babu mai taka masa birki.

Ko wace hanya ka bi, janye 777 ɗin nan yau da chmod 750 /home/shago/ajiya, kuma in hanyar setfacl za ka bi ka fara yin chmod ɗin kafin ita, don chmod daga baya yana rage abin da setfacl ya bayar, w ɗin ya daina aiki. Sannan ka mayar da lokacin zuwa minti biyu masu zuwa, ka jira cron ɗin da kansa ya kunna, ka duba ls -l ka ga sabon fayil da sunan mai shi, sai ka mayar da 0 2 ɗinka.