Na Rage Cin Abinci, Amma Yunwa Ta Hana Ni Sakat

Tambaya: Ina son rage ƙiba. Da safe biredi yanka huɗu nake ci da bota da shayi, amma kafin ƙarfe goma yunwa ta dawo, sai na shiga ciye-ciye. Me zan ci ya daɗe a cikina?

Amsa: Malama, mu fara da lissafin karin kumallon nan. Farin biredi yanka huɗu ya kai kalori 300, bota cokali ɗaya babba kusan 100, sukari ƙananan cokali uku kusan 50. Kin tashi da kalori 450 ke nan, amma furotin ɗin ciki bai wuce giram 10 ba, faiba kuwa, wato ɓangaren abincin tsiro da ciki ba ya narkarwa, da ƙyar ta kai giram 3. Irin wannan abinci nan da nan yake narkewa ya bar tumbi, shi ya sa ciki ke kuka tun da hantsi.

Gwada wannan a madadinsa: dafaffen ƙwai biyu, dafaffen wake kofi ɗaya, da yankakken tumatir da kabeji. Ƙwan zai ba ki furotin giram 12 a kalori 145, waken kuma furotin kusan giram 15 da faiba wajen giram 13 a kalori 230. Duka da ganyen bai fi kalori 400 ba. Ragin ba wani mai yawa ba ne, ribar tana wajen ciye-ciyen da za ki daina nema.

Furotin yana danne girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, ya kuma sa hanji ya saki waɗanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Faiba, musamman mai jiƙewa irin ta wake, tana shan ruwa ta yi kauri, sai abinci ya riƙa barin tumbi a hankali. Ki nemi furotin giram 25 zuwa 30 a kowane cin abinci, faiba kuma giram 25 zuwa 30 a yini guda.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mai. Cokali ɗaya babba kalori 120 ne, to idan aka soya ƙwan aka kuma malala wa waken cokali biyu, an ci ribar tun kafin a kai loma. Gyaɗa ma haka take, cikin tafin hannu ɗaya ya kusa kalori 170. Lemon da aka matse kuwa an bar faibarsa a matata, gara ki ɓare shi ki cinye duka.

Kada ki auka wa faiba lokaci guda, in ba haka ba kumburin ciki da iska za su sa ki tuba a kwana biyu. Fara da rabin kofin wake, ki ƙara bayan mako guda, ki kuma yawaita shan ruwa, don faiba ba ruwa tana kawo taurin bayan gida. Idan kina da ciwon ƙoda, kada ki ƙara furotin sai likita ya yanka miki adadi.