Bidiyon ruwan gishiri da sukari: me zan faɗa, me zan bari?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce a karkara. Ina so in yi gajeren bidiyo kan ruwan gishiri da sukari don WhatsApp da TikTok. Ƙanena ya ce in rubuta "maganin gudawa nan take" don mutane su kalla. Ya kake gani?

Amsa: Malama, don Allah kada ki rubuta haka. Kin fi ni sanin cewa ruwan nan ba ya tsayar da gudawa, abin da jiki ya zubar yake mayarwa. Uwar da aka yi wa alkawarin "nan take", in ta ga yaro ya sake yi bayan awa biyu, sai ta ce bai yi aiki ba, ta daina ba shi. Ki buɗe da abin da za ki iya tsayawa a kai: "Yaronki na gudawa? Ga abin da zai kare shi daga bushewar jiki."

Ki jingina wayar a tsaye, fuskarki na kallon taga, ki kusanto da ita don murya ta fita. Idan takardar ORS ta kemis gare ki, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka haɗa, nuna ta ki bi umarnin jikinta. In haɗin gida ne, a ga hannunki yana aunawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata biyu masu rabin lita, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Ki shafe bakin cokalin a gaban kyamara, domin "cokali" a baki kawai wata za ta cika shi tozo, gishiri in ya yi yawa kuwa cutar da yaro yake yi.

Inda na fi so ki kula shi ne gargaɗi. Mutane kan rubuta shi a ƙasan bidiyo, alhali da zarar wani ya sauke daga TikTok ya tura zauren WhatsApp, rubutun nan ya ɓace, hoto da murya kaɗai ke tafiya. Saboda haka ki faɗe shi da bakinki, ki kuma ɗora shi a kan hoton da manhajar gyara bidiyo ta CapCut, ta maɓallin Text: jini a bayan gida, yaro ya kasa sha ko kama nono, ido ya faɗa, jiki ya saki, a tafi asibiti. Ki sa shi tun kafin tsakiya, don da yawa ba sa kaiwa ƙarshe. Duka kada ya wuce minti ɗaya, kar Status na WhatsApp ya raba shi gida biyu, awo ya tafi ba gargaɗi.

Kafin ki saka, ki ba wata maƙwabciya ta kalla sau ɗaya, ki tambaye ta me ruwan ke yi. In ta ce "yana tsayar da gudawa", sake ɗauka.