Na shafe lamba da baƙi a sikirinshot, me ya sa har yanzu ake iya karanta ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp daga Tudun Wada, Kaduna. Nakan ɗora sikirinshot na hirata da kwastomomi da rasit ɗin kuɗin da suka turo, don sababbi su yarda da ni. Kafin in ɗora nakan shafe lambar waya da fuska da baƙin alƙalami. Sai ƙanena ya ɗauki hoto ɗaya ya ƙara masa haske, lambar wata Hajiya ta fito sarai. Yaya zan rufe ta yadda ba mai iya dawo da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Alƙalamin da kika zaɓa ne ya ba da ke. A cikin kayan zanen da ke buɗewa bayan an ɗauki sikirinshot, wanda iPhone ke kira Markup, akwai wani mai faɗin baki da aka yi shi don haska layin rubutu, kuma da gangan aka yi tawadarsa shara-shara domin a riƙa ganin abin da ke ƙasa. Idan kin zaɓi baƙi kin shafa sau biyu ko uku, ido zai ga baƙi ƙirin, amma a cikin hoton inda rubutu yake ya ɗan bambanta da inda babu rubutu. Kamar labule ne mara kauri: da rana ba a ganin cikin ɗaki, da dare ana kunna fitila sai komai ya bayyana. Fitilar nan ita ƙanenki ya kunna.

Abin da ake so shi ne launi ɗaya tak, mai kauri, ya maye gurbin lambar gaba ɗaya. A iPhone ki buɗe Markup, ki danna alamar +, ki zaɓi siffar akwati mai kusurwa huɗu, ki cike cikinsa da baƙi, sannan ki duba ma'aunin kaurin launi, wato Opacity, ki tabbatar yana kan 100%. A wayoyin Android sunayen sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ki nemi akwatin da ake cikewa, ko alƙalamin rubutu na ainihi ki ƙara masa kauri. Ki bar akwatin ya zarce lambar ta sama da ƙasa da gefe. Idan kawunan alƙaluman lambar suka leƙo ko da kaɗan ne, mai haƙuri zai bambance 1 da 7 da 0 daga wannan ɗan leƙen.

Ki kuma manta da dishi-dishin nan da ke mayar da rubutu ƙananan murabba'ai ko hazo. Yana da kyan gani, amma a kan lambar waya yana da rauni ƙwarai. Dalili kuwa, kowane murabba'i matsakaicin launin abin da ke ƙarƙashinsa ne, wato bayanin bai ɓace ba, an dai dama shi. Mai nema ya san irin harafin da WhatsApp ke rubutu da shi, ya kuma san alƙaluma goma ne kacal daga 0 zuwa 9. Sai ya rubuta kowane ɗaya, ya yi masa irin wannan dishi-dishin, ya ga wanne ya yi daidai da na hotonki, ya wuce na gaba. Akwai manhajojin kyauta da ke wannan aikin, irin su Depix da ta fito a 2020 da Unredacter da kamfanin Bishop Fox ya fitar a 2022.

Wani abin da 'yan kasuwarmu ke yawan yi shi ne rufe tsakiyar lamba a bar farko da ƙarshe. Bari mu yi lissafi. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce. Idan kin bar 0803 a gaba da huɗun ƙarshe, uku kawai kika ɓoye, wato lambobi 1,000 ne za su iya zama tata. Ga kuma sunan Hajiyar a saman hirar. Wanda ya matsu zai bi su a Truecaller har ya ci karo da sunan. Shi ma rasit ki lura da shi sosai, domin a OPay da PalmPay lambar asusu galibi lambar wayar mutum ce da aka cire mata sifilin farko. Kin rufe lambar a saman hira, kin bar ta a rasit, ba ki yi komai ba. Ki rufe alƙaluman duka, har da lambar shaidar ciniki mai tsawo da ke ƙasan rasit.

Fuska ma akwati za ki ɗora mata, ya rufe kai gaba ɗaya har da kunne da ɗaurin ɗankwali. Murɗa fuska ko jujjuya ta ba rufewa ba ne: a 2007 ƙwararrun 'yan sandan Jamus sun warware irin wannan murɗin a hotunan wani da Interpol ke nema, fuskarsa ta dawo, aka kama shi a Tailan. A Kaduna ma ba sai an je ga ƙwararru ba. Wadda aka rufe mata ido kawai, maƙwabciyarta za ta gane ta daga mayafi, ko lallen hannu, ko ƙofar gidan da ta tsaya a gabanta. Ɗan ƙaramin hoton nan na da'ira da ke kusa da suna, shi ma a rufe shi.

Saura mataki ɗaya da mutane ke tsallakewa. Manhajar Photos ta iPhone da Gallery ta Samsung suna ajiye hoton asali a ƙarƙashin gyaran da kika yi, shi ya sa akwai maɓallin Revert. An kuma taɓa samun matsala a 2023, wadda aka sa wa suna aCropalypse, inda aka gano cewa hotunan da aka yanke a wayoyin Pixel da Snipping Tool na Windows 11 suna riƙe da ragowar ɓangaren da aka yanke a cikin fayil ɗin. An gyara wannan, amma maganin duka biyun ɗaya ne: bayan kin gama rufewa, ki buɗe hoton ya cika allo, ki sake ɗaukar sikirinshot ɗinsa. Wannan na biyun bai taɓa ganin lambar ba, abin da ke kan allo kaɗai ya ɗauka. Shi za ki tura, a matsayin hoto. Sai dai ki sani, wannan dabarar ba ta gyara tawada mai shara-shara. Idan rubutu na nan a ƙarƙashin baƙin, sabon hoton ma zai kwashe shi.

Don haka ki gwada kafin ki ɗora. Ki buɗe sabon hoton a Edit, ki kai Exposure da Brightness da Shadows ƙarshensu, ki motsa Contrast sama da ƙasa, ki zuƙo wurin da kika rufe. Idan akwatin ya zama toka-toka iri ɗaya ba tabo, ya yi. Idan kin hango wata inuwa ko layi a ciki, ki koma kan hoton asali ki sake. Daga nan ki bi hoton da ido daga sama zuwa ƙasa, domin lamba takan maƙale a saƙon da aka ɗauko aka ba shi amsa, ko a sanarwar da ta faɗo a saman allo daidai lokacin da kika ɗauki hoton.

Tsofaffin hotunan da kika riga kika ɗora kuwa, ki sauke su yau daga Facebook da Instagram da duk zauren WhatsApp da kika tura. Wanda ya riga ya adana kwafi ba yadda za ki yi da shi, saboda haka Hajiyar da lambarta ta fito ki kira ta ki sanar da ita, ta yi hattara da duk baƙon da zai bugo mata yana ambaton cinikinku yana neman lambar sirri ko ƙarin kuɗi.