Likita na amsa: takardar da za a kai wa makaranta idan yaro yana da asma

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 8, yana aji uku a firamare. An tabbatar mana yana da asma, an ba shi inhela shuɗiya da wata ruwan ƙasa. Shugabar makarantarsu ta ce in rubuto musu bayani. Me zan rubuta? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, kafin ki ɗauki biro, ki tuna wanda zai karanta takardar. Ba likita ba ne. Malama ce mai yara cike da aji, kuma ranar da za ta fi buƙatar takardar, yaro yana gabanta yana kokawa da numfashi, ita ma jikinta na rawa. Saboda haka shafi ɗaya ya isa. Tarihin yadda ciwon ya fara da asibitocin da kuka zaga, bar su a gida. Ga misali, sai dai adadin fesawar ki tabbatar da shi a wajen likitan da ke duba shi kafin ki miƙa:

*Assalamu alaikum. Zuwa ga Shugabar Makaranta da malamar aji uku.*

*Bayan gaisuwa, ina sanar da ku cewa ɗana (sunansa da ajinsa) yana da asma. Ba a ɗaukar ta daga wani zuwa wani, kuma yawancin lokaci lafiyarsa ƙalau, yana iya wasa da guje-guje kamar kowa. Abin da ke tayar masa da ita shi ne ƙura, musamman lokacin hunturu, da hayaƙin ƙona shara, da mura. Ina roƙon a ɗauke masa sharar aji da goge allo, a ba shi wani aikin.*

*Inhelarsa shuɗiya mai suna salbutamol tana cikin aljihun gaba na jakarsa tare da sifesa, wato robar da ake jona ta a ciki. An rubuta sunansa a jikinsu. Na ba kowane malami izini ya ba shi ita ba tare da an jira ni ba.*

*Alamar ta tashi: tari ba ƙaƙƙautawa, numfashi yana ƙara kamar fito, ko ya ce ƙirjinsa ya ɗaure. Shi ɗana yakan yi shiru ne ya kifa kai a kan benci.*

*Idan an ga haka, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, kada a bar shi shi kaɗai. A girgiza inhela, a jona ta da sifesa, ya kama bakin da leɓensa. A matsa sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau 5. A sake girgizawa, a matsa na biyu. Idan bai samu sauƙi ba cikin 'yan mintoci, a ci gaba, matsi ɗaya bayan kowane minti ɗaya, har zuwa 10.*

*A tafi da shi asibiti nan take idan bai samu sauƙi ba bayan matsi 10, ko ya kasa ƙarasa magana, ko harshensa ya sauya launi, ko jikinsa ya saki yana gyangyaɗi. A kan hanya, bayan minti 10 ana iya sake ba shi wasu 10. A fara ba shi magani tukuna, sannan a kira ni.*

*Na gode, Allah ya saka da alheri.*

A ƙasa ki sa lambar wayarki, da ta mahaifinsa, da ta wani na uku wanda ke kusa da makarantar, da sunan asibitin da kike so a kai shi, da kwanan wata. Ki yi kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya wajen malamar aji, ɗaya a naɗe cikin leda tare da inhelar.

Layi biyu na fi so ki riƙe. Na farko shi ne na izini. Malamai da yawa suna tsoron ba ɗan wani magani, kada wani abu ya faru a ɗora musu, sai su tsaya kiran waya, wayar kuma ba ta shiga. Mintocin nan da ake ɓatawa su ne maganin ya kamata ya yi aiki a cikinsu. Na biyu shi ne inda na ce yakan yi shiru ya kifa kai. Wannan misali ne kawai, ke za ki canza shi da abin da naki yake yi, domin babu likitan da ya kai ki sanin yadda take fara masa.

Inhela ruwan ƙasan nan ta rigakafi ce. Safe da dare ake shaƙar ta a gida, kullum, ko yana lafiya, a kurkure baki bayan an gama. Ba ta buɗe ƙirji idan asma ta riga ta tashi, don haka kada ki sa ta cikin jakar makaranta, kada wata rana cikin ruɗewa a ɗauko ta a maimakon shuɗiyar. Kuma kada ki aika da takardar ta hannun yaro. Ki je da kanki, ki nemi minti goma, ki sa shi ya gwada shaƙar a gaban malamarsa, ita ma ta riƙe sifesar ta jona da hannunta.

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Wata ɗalibata asma ta taɓa tasar mata, muka kwantar da ita muna mata fifita muna yayyafa mata ruwa. Can sai ƙarar ƙirjin ta ragu, muka ce ta samu sauƙi. Da aka je asibiti aka ce saura kaɗan. Ina muka yi kuskure? (Wani malami daga Katsina)

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ƙarar da kuke ji tana fitowa ne saboda iska tana kutsawa ta hanyoyin huhu da suka tsuke. Idan asma ta tashi, naman da ke zagaye da hanyoyin nan yana matsewa, cikinsu ya kumbura, majina ta taru. To idan tsukewar ta yi tsanani har iskar da ke wucewa ta zama 'yar kaɗan, ƙarar ma sai ta ɗauke. Ke nan shirun ƙirji iri biyu ne, kuma ba da kunne ake bambanta su ba, da ido ne.

Yarinyar da ta samu sauƙi za ta yi maka magana doguwa, kafaɗunta su sauka, ta fara waige-waige tana jin kunyar taron da aka yi a kanta. Wadda abin ya ƙara tsananta kuwa, tambaye ta sunanta da na unguwarsu: kalma ɗaya ko biyu za ta faɗa ta tsaya ta ja iska. Dubi ramin da ke ƙasan maƙogwaronta da tsakanin haƙarƙarinta, za ka ga fatar tana lotsawa ciki da kowane numfashi. Littattafai suna cewa leɓe ya koma shuɗi, amma a fatarmu ba lallai ka gane haka daga waje ba. Ka duba harshe da cikin leɓe, idan sun yi toka-toka ko sun dushe, ba sauran jira. Mafi muni shi ne yarinya ta gaji ta fara lumshe ido, mutane su ce a bar ta ta huta.

Kwanciya tana ƙara wahalar numfashi, zama a miƙe ko ɗan jingina gaba ya fi. Fifita da yayyafa ruwa ba sa buɗe hanyar iska, kuma kada a ɗura wa mai haki ruwa ko zuma, tana iya shaƙewa. A kori 'yan kallo, mutum ɗaya ya zauna da ita yana mata magana a natse, wani ya nemo mota ko Keke Napep tun ana cikin ba da maganin. Idan kun ga hannunta na karkarwa ko zuciyarta na bugawa da sauri bayan an ba ta salbutamol, aikin maganin ne, yana wucewa, kada ya sa ku daina.

Tambaya: 'Yata za ta shiga makarantar kwana. Dokarsu ita ce duk magani a ajiye a ɗakin shan magani. Mahaifiyarta kuma ta ce kada mu faɗa musu ma, kada a riƙa yi mata gori. Me ka gani? (Wani uba daga Gombe)

Amsa: Alhaji, na fahimci tsoron mahaifiyarta, amma ɓoyewa ba zaɓi ba ne. Asma ta fi son tashi cikin dare da asuba, daidai lokacin da ɗakin magani yake kulle, mai makullin kuma tana barci a wani gefen makarantar. Dokar tana da amfani ga ƙwayoyi, amma inhelar gaggawa daban take. Ka nemi likitanta ya rubuta layi biyu da sa hannu da hatimin asibiti cewa dole shuɗiyar ta kasance a jikinta dare da rana, ka haɗa da takardarka. Ka sayi ta biyu a ajiye wajen matiron.

A takardar makarantar kwana akwai ƙarin abu biyu. A faɗi wanda zai tabbatar tana shaƙar ta rigakafi safe da dare, domin yara da sun ji sauƙi suke watsar da ita. Sannan a roƙa a sanar da ku idan ta buƙaci shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari yana tashin ta da dare. Wannan alama ce cewa asmar ba ta kwanta ba, maganin rigakafin yana buƙatar a sake duba shi. Zancen da ake yi cewa wanda ya saba da inhela ba ya iya rabuwa da ita ba gaskiya ba ne. Yawan neman ta yana nuna ciwon ne ke buƙatar kulawa.

Batun gori kuwa, ba sai an shelanta a taron safe ba. Shugaba, matiron, malamin wasanni da babbar ɗaliba ta ɗakinsu sun isa.

Tambaya: A garinmu na zaga shagunan magani ban samu sifesa ba. Ko in bar wa makaranta salbutamol na ruwa ko ƙwaya? (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: A'a, Malama. Na ruwa da ƙwaya sai sun bi ta ciki kafin su isa huhu, suna daɗewa ba su fara aiki ba, kuma sun fi sa karkarwa da bugun zuciya. Inhela cikin 'yan mintoci take aiki.

Kafin ki samu ta kanti, robar ruwa ko ta lemo mai rabin lita tana tsayawa a madadinta. An gwada wannan a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu, aka wallafa sakamakon a 1999, kuma ta yi aiki daidai da wadda ake saya. Ki wanke robar da ruwan sabulu, ki bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogewa ba. Ki huda gindinta daidai girman bakin inhelar, ki cusa shi, ki liƙe gefen da salatif yadda iska ba za ta fita ba. Yaro ya kama bakin robar da leɓensa, a matsa ɗaya, ya ja numfashi sau 5. Ƙaramin yaro da bai iya kama baki da kyau ba yana buƙatar mai abin rufe hanci da baki, wannan sai a asibiti.

Ki kula da inhelar kanta. Yawancinsu matsi 200 ne a ciki, kuma bayan maganin ya ƙare tana iya ci gaba da fesa iska, mutum ya ɗauka da saura. Ki rubuta ranar da aka fara amfani da ita a jikin kwalin, ki duba ranar lalacewarta a farkon kowane zangon karatu, ki kuma gaya wa malamar kada a bar jakar a rana ko kan taga lokacin bazara.