Zaren da Zai Jure Zafin Mota

"Maigida, abin riƙe waya da na buga a injin 3D da zaren robar PLA ya lanƙwashe a motar kwastoma da aka ajiye cikin rana a Wuse. Me ya jawo haka, kuma da wane zare zan sake bugawa?"

Ɗana, laushi robar ta yi, ba ta kai ga narkewa ba. PLA takan narke ne a wajen digiri 150 zuwa 170 na Selshiyas, shi ya sa muke ɗora bakin inji a kan 200 ko kusa da haka. Amma tun daga digiri 55 zuwa 60, dogayen sarƙoƙin da suka haɗu suka yi robar, waɗanda a da suke daskare wuri guda, sukan fara zamewa a kan juna, sai ƙarfin abin ya tafi alhali siffarsa tana nan. To, a watannin Maris da Afrilu a nan Abuja, iskar cikin motar da aka rufe a rana tana iya wuce digiri 60, baƙin dashbod da ke ƙarƙashin gilashin gaba kuwa yana iya haura 80.

Abin da ya ƙarasa aikinka shi ne nauyi. Waya mai giram 200 da matsin sifirin suna jan hannun abin ba hutu, robar mai laushi tana bin su a hankali, da yamma kuma idan motar ta huce sai ta daskare a karkace. Alamarsa ita ce babu tsagewa, sai dai sukurori sun saki kuma bakin mariƙin ya buɗe. Idan kana son gani da idonka, tsoma guntun PLA a ruwa mai zafin digiri 65 na minti ɗaya, za ka lanƙwasa shi da yatsu biyu.

Robar PETG takan fara laushi a wajen digiri 80, saboda haka ta isa ga abin da zai zauna a aljihun ƙofa ko ƙarƙashin kujera, amma ban yarda da ita a kan dashbod ba. A can, robar ASA nake zaɓa: tana kai wajen digiri 100, kuma hasken rana ba ya cin ta kamar yadda yake cin ABS, wadda takan koɗe ta yi gautsi. Sai dai tana da wuyar sha'ani. Ka ɗora baki a kan 250, farantin da ake bugawa a kai a kan 100, ka rage fanka, ka rufe injin a akwati don kada kusurwoyi su ɗago, sannan ka bar tagar shago a buɗe saboda hayaƙinta ba na shaƙa ba ne.

Wasu sukan gasa PLA a tanda don ta ƙara jure zafi, kuma tana jurewa, amma takan tsuke ta murɗe, har waya ta ƙi shiga. Kada ka ɓata lokaci wajen cika cikin abin da roba, domin hakan ba ya ɗaga digirin laushi ko kaɗan. Ka sake bugawa da ASA mai launin fari ko toka, ka ƙara kaurin hannun, ka bar shi a dashbod yini guda da tsohuwar waya a ciki kafin ka kira kwastoman.