Kafin ka ce takardar amsoshi ta yi kuskure

"Assalamu alaikum Yaya. Ina shirin jarrabawar GRE a nan Kano, da fatan samun karatun digiri na biyu a Amurka. Littafin da nake bita ya ce x² = 25, a kwatanta x da 4. Na zaɓi x ya fi girma, amma takardar amsoshi ta ce ba za a iya tantancewa ba. Ni dai ina ganin kuskurensu ne. In rubuta musu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Dakata da rubutun tukuna, domin a wannan karon su ne da gaskiya. Biyar sau biyar 25 ne, amma -5 sau -5 ma 25 ne. Ke nan x na iya zama 5, ya fi 4, yana kuma iya zama -5, bai kai 4 ba. Da sun rubuta x = √25, to da amsarka ta tsaya, saboda a ƙa'idar ETS, masu shirya jarrabawar, wannan alamar tana nufin tushen da ba ya ƙasa da sifiri. Ɗan bambancin nan shi ne ainihin abin da aka so a gwada ka a kai.

Ni tun da na fara taya wani malami gyaran takardun ɗalibai a nan, na ɗauki wata al'ada. Duk lokacin da amsata ta saɓa da ta takarda, sai in fara zama lauyan takardar. In tambayi kaina: wane zato ne mutum zai yi har ya iso ga wannan amsa? Idan na gano zaton, sai in koma in duba ko yana rubuce a cikin tambayar ko a umarnin farkon sashe, wanda yawancinmu ba ma karantawa. A GRE, alal misali, an faɗa cewa ba lallai ne a zana siffofi daidai da awonsu ba, don haka kusurwar da ta yi maka kama da digiri 90 ba hujja ba ce. In zaton yana nan a rubuce, laifin nawa ne, magana ta ƙare.

Inda abin ke da wuya shi ne idan tambayar da kanta tana da fuska biyu. Mun taɓa ba ɗalibai lambobi 2, 4 da 6, muka ce su auna yadda suka bazu daga matsakaicinsu, wato σ ko s, amma ba mu faɗi wanne ba. Matsakaicin 4 ne, jimillar murabba'in tazarar kuma 8. Wanda ya ɗauki lambobin a matsayin dukkan abin da ake da shi ya raba 8 da 3, ya ɗauki tushen murabba'i, ya sami kusan 1.63, wato σ. Wanda ya ɗauke su a matsayin samfuri ya raba 8 da 2, ya ɗauki tushen murabba'i, ya sami 2, wato s. Takardarmu 2 ta ce. Wata ɗaliba ta nuna mana cewa babu kalmar samfuri ko ɗaya a tambayar, dole muka karɓi amsoshin biyu. Ka lura, ba cewa ta yi tata ta fi ba. Nuna mana ta yi cewa mai karatu da adalci zai iya bin kowace hanya, kuma rubutunmu bai toshe ɗaya ba.

Akwai kuma ranar da takardar ce ke faɗuwa warwas. A SAT, jarrabawar shiga jami'a a Amurka, ta 1982 an tambayi sau nawa ƙaramin da'ira zai juya in ya gangara ta waje har ya zagaye babba mai ninkin faɗinsa uku. An sa 3, alhali 4 ne, kuma 4 ba ya ma cikin zaɓin. Ɗalibai uku ne suka yi ƙorafi, aka amsa kuskuren, aka soke tambayar. Ɗauki kwandala biyu masu girma ɗaya ka gangara ɗaya a jikin ɗaya, har ta zagaye ta, za ka ga ta juya sau biyu, ba sau ɗaya ba. Irin hujjar da ke cin nasara ke nan, wadda kowa zai iya gwadawa da hannunsa.

Kafin ka kai can ma, duba ƙananan abubuwa. Lambar tambayar ta dace da ta amsar kuwa? Bugu ɗaya ne? Kwafin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa tambayoyin wani bugu ne aka haɗa da amsoshin wani. Sannan ka ba abokin karatunka tambayar ba tare da ka gaya masa zaɓinka ba, ka kuma kwana a kanta.

In bayan duk wannan kana kan bakanka, rubuta gajere: sunan littafi da bugu, shafi da lambar tambaya, aikinka mataki-mataki, da daidai wurin da ka rabu da amsarsu. Ka rufe da tambayar ko akwai zaton da ya kuɓuce maka. Malaman nan ba sa ɗaukar haka raini. Abin da ba sa saurara shi ne "na cancanci makin" babu lissafi a gefe.

Turo min tambayoyi biyar na gaba da kuka saɓa da littafin, tare da aikinka, mu duba tare ranar Asabar in Allah ya kai mu.