Me zan yi mazubi da shi don zubin tukunya a Gusau?

Tambaya: "Ina Gusau, ina so in fara zubin tukwanen alminiyam. Da yashi zan yi mazubi ko da filasta ko silikon?"

Ɗan'uwa, yashi za ka kama. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, silikon kuwa tun kafin rabin wannan zafi ya lalace, sai ka bar shi ga masu zubin kwalliyar siminti. Filasta tana riƙe ruwa a cikinta. In ba ta bushe ƙarƙaf ba, narkakken ƙarfe ya taɓa ta, tartsatsi zai yi maka a jiki.

Samo yashi mai laushi ka tankaɗe, ka haɗa kwano 9 da kwano 1 na garin yumɓu, ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan kaɗan. Ka dunƙula a tafin hannu: in ya riƙe shatin yatsunka, ka karya ya rabu biyu ba tare da ya ruguje ba, ya yi. In ya manne maka a hannu, ruwa ya yi yawa.

Nan na taɓa yin asara. Na zuba a jiƙaƙƙen yashi, tukunya ta fito da ƙananan ramuka, tana yoyo. Tururi ne ya rasa mafita. Tun daga ranar nake tsira wa mazubin tsinke a wurare kafin in zuba.